Fihirisa da Kunnuwan Shafi: Yadda Nake Shirya Takarduna Don Jarrabawar Buɗe-Littafi

Malamin da ya ba ɗalibai izinin shiga jarrabawa da takardunsu ya san cewa amsa tana cikin takardun. Abin da yake son ya gani shi ne ko ɗalibi zai iya gano ta a kan lokaci, ya kuma yi aiki da ita. Saboda haka lokaci ne babban abin da ake gwadawa, kuma lissafinsa ba shi da wuya. A ce jarrabawa ta awa 2 ce, tambayoyi 4, kowace tambaya tana bukatar ka leƙa takardunka sau 3. Leƙe 12 ke nan. Idan kowane leƙe ya ci minti 4, minti 48 sun tafi wajen juya shafi. Idan ya ci minti 1, minti 12 kawai suka tafi. Bambancin minti 36 ne, wato ya fi rabon tambaya guda ɗungurungum. Wannan lissafi ne ya sa na ɗora wa kaina doka: duk abin da ke cikin takarduna, dole in iya ɗora yatsa a kansa kafin minti ɗaya ya cika.

Ni ɗan Moshi Zango ne a Kumasi, unguwar da ta samo sunanta daga Mosawan da suka gangaro daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Hausa ce harshen da ya haɗa mu a masallaci da kasuwa da bakin titi, amma yawancinmu da kunne muka koye ta, ba da alli ba. Da na shiga ajin nazarin nahawun Hausa, sai na tara rubutu shafi 120 a zangon karatu ɗaya, daga tsarin sauti zuwa ginin jimla. Da waɗannan takardu zan buga misali, domin su na sani ciki da bai.

Abin da na fi son mai karatu ya riƙe shi ne wannan: takardun aji an jera su ne bisa yadda malam ya koyar, ita kuwa jarrabawa ba ta bin wannan jeri. Malam ya fara da baƙi da wasali, ya wuce karin sauti, ya shiga jinsi da jam'i, sannan aikatau. Mai tambaya kuwa zai ɗauko jimla guda ya ajiye maka, ba tare da ya faɗa maka babin da ta fito ba. Jerin babi-babi da ke farkon littafi yana amfanar wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema. Fihirisa kuma an yi ta ne don wanda ba shi da komai a hannu sai kalmar da ya gani a takardar tambaya. Malamanmu na zaure sun san wannan tun tuni. Al-Mu'ujamul Mufaharas, wanda Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya fitar a Masar a 1945, bai bi jerin surori ba. Ya bi tushen kalmomi ne, domin mai nema yakan zo da kalma ɗaya a bakinsa, ba da lambar sura ba. Haka ma Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya jera babi 80 bisa tsarin abacada maimakon tsarin koyarwa, domin littafin dubawa ne.

Kafin a kai ga fihirisa, akwai aiki biyu na share fage. Na farko, ka tambayi malam abin da aka yarda a shiga da shi. Wani ya yarda da rubutun hannu kawai, wani ya yarda da littafi amma ban da falle-falle, wani kuma ba ya son a liƙa komai a jikin littafi. Wanda ya kwana uku yana shiri aka karɓe masa a bakin ƙofa, ya yi aikin baban giwa. Na biyu, ka ɗaure takardun wuri ɗaya ka sa musu lamba. Wani dattijo maƙwabcinmu yana da littattafan ajami a gafaka, falle-falle, ba ɗinki. A ƙasan falle akan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita, don in sun watse a iya mayar da su. Na tambaye shi ko wannan dabara za ta yi mini, sai ya ce, "Ɗana, wannan tana hana takarda ɓata wa mai karatu daga farko zuwa ƙarshe. Kai kuwa tsalle za ka yi zuwa tsakiya, sai ka sa lamba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Lambar nan nakan rubuta ta da biro, babba, a kusurwar sama ta waje, inda ido zai gan ta yayin da babban yatsa yake sakin shafuka. Da zarar an sa lamba, ba a sake canza ta. In malam ya ƙara bayani daga baya, sabon fallen ya zama 47a, ya zauna bayan 47. In ka sake jera lambobi, duk fihirisarka ta zama ƙarya a dare ɗaya.

Sai kuma abin da nake kira kunnuwan shafi, wato 'yan guntayen kwali da ake liƙawa a gefen takarda su leƙo waje, a rubuta sunan babi a kansu. Kuskuren da na fi gani a ɗakin jarrabawa shi ne yawansu. Sai ka ga littafi ya yi gashi kamar bushiya, kunne 40 ko 50, wani ya rufe wani. Mai irin wannan littafi sai ya karanta kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, ya koma gidan jiya. Ni 9 na sa wa shafi 120, kuma a kan kowanne na rubuta kalma ɗaya ko biyu da lambar shafin da babin ya fara: Baƙi da wasali 1, Sauyin sauti 14, Karin sauti 22, Jinsi 30, Jam'i 36, Giredi 44, Lokuta 61, Jimla 78, Ƙa'idojin rubutu 104. Lambar ita ce muhimmiya. Idan fihirisa ta ce mini 47, ba na tsayawa tunanin babi. Na ga kunnen 44, na kama, na juya shafi uku. Aikin kunne shi ne ya kai hannu kusa, ba ya ba da amsa ba.

Ana jera su daga sama zuwa ƙasa kamar matakala, kada ɗaya ya ɓoye ɗaya, a kuma rubuta a fuska biyu, domin in kana shafi na 80 kana son komawa 22, bayan kunnen kake gani. Game da liƙawa, wanda ya san damunar Kumasi ya san yadda laima take sa takarda mai gam ta saki ta naɗe, musamman in littafin ya sha matsi a jaka cikin motar haya daga Kejetiya. Kwalin da ka yanka da kanka, ka naɗe shi da salatif gaba da baya har ya kama jikin shafin, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba.

Yanzu ga zuciyar aikin. Fihirisata falle ɗaya ce, gaba da baya, kowace fuska layi biyu a tsaye, kowane layi shigarwa 40. Jimla 160 ke nan. Ban yarda ta wuce haka ba, domin fihirisar da ta kai shafi 6 ita kanta tana bukatar fihirisa. Ba na fara ta daga takarduna. Ina fara ta ne daga tambayoyin shekarun baya da na aikin gida. Nakan karanta kowace tambaya in tambayi kaina: da na ga wannan a ɗakin jarrabawa, wace kalma ce za ta fara faɗo mini? Wannan kalmar ce take shiga fihirisa, ko da kuwa ba ita malam ya sa a kan babin ba.

Bari mu bi tambaya ɗaya har ƙarshe. A ce an rubuta: "Ana cewa 'abin da ya sata', da 'ya saci akuya', da 'ya sace ta'. Bayyana sauye-sauyen da suka auku a wannan aikatau." Duba da kyau, babu kalmar giredi a cikin tambayar, babu ganɗantawa, babu karin sauti. Amma amsar tana warwatse a wuri uku cikin takarduna.

Wuri na farko shi ne shafi na 47. A tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, an kasa aikatau na Hausa giredi 7, kuma giredi na biyu ne yake sauya wasalin ƙarshe bisa abin da ya biyo baya. In babu karɓau a gabansa, ya ƙare da -a: abin da ya saya. In karɓau suna ne, ya ƙare da -i: ya sayi doki. In wakilin suna ne, ya ƙare da -e: ya saye shi. Wuri na biyu shi ne shafi na 18, inda aka yi bayanin ganɗantawa: t yakan koma c a gaban i ko e, kamar yadda s yake komawa sh, z kuma j. Shi ya sa ba a cewa "sati akuya", kuma dalili ɗaya ne ya ba mu motoci daga mota, da ƙasashe daga ƙasa, da kaji daga kaza. Wuri na uku shi ne shafi na 52, domin "ya sace ta" a rubuce tana iya zama giredi na biyu ko na huɗu. Karin sauti ne yake raba su: a giredi na biyu gaɓar farko tana ƙasa ta biyu tana sama, a na huɗu kuwa ta farko tana sama ta biyu tana ƙasa. Ɗalibin da ya ambaci wannan ya nuna wa malam cewa ya ga abin da rubutun yau da kullum yake ɓoyewa.

To, ta wace ƙofa zan shiga? A cikin zafin jarrabawa, ɗaya daga abu uku zai zo mini. Ko in tuna misalin da malam ya yi ta maimaitawa, wato saya da sayi da saye. Ko in lura da siffar abin, wato t ya koma c. Ko in tuna sunansa na fannin ilimi. Saboda haka kowane muhimmin batu nakan ba shi ƙofa uku: sunansa, da misalinsa, da siffarsa. Ga yadda layukan suke a fallena:

-e / -i a ƙarshen aikatau: 47s, 52t
ganɗantawa: 18s, 38ƙ
giredi na 2: 47s
giredi na 2 da na 4, bambanci: 52t
mota / motoci: 18s, 38ƙ
saya / sayi / saye: 47s
t ya koma c: 18s

Ƙananan haruffan da ke bin lamba suna nuna wuri a shafin: s sama, t tsakiya, ƙ ƙasa. Wannan ƙaramin abu yana rage aiki ƙwarai, domin shafin rubutun hannu yakan kai layi 30, kuma idon da ya san ƙasa zai duba ya huta da kashi biyu cikin uku. A jikin shafin kuma nakan ja layi a ƙarƙashin kalmar nan da na sa a fihirisa, ita kaɗai. Wanda ya shafe rabin shafi da launi bai bar wa idonsa wurin sauka ba.

Akwai dokoki biyu da nake bi wajen rubuta shigarwa. Ta farko, ba na rubuta "duba wuri kaza". A littafin da aka buga, wannan yana rage tsawo, amma a jarrabawa nema biyu ne a maimakon ɗaya. In layuka uku suna kai wa ga shafi na 47, to, in rubuta 47 sau uku. Ta biyu, babu shigarwar da za ta ɗauki lamba fiye da uku. Kalmar aikatau ta bayyana a shafi kusan 50 na takarduna. In na rubuta ta da jerin lambobi 15, ban taimaki kaina da komai ba. Sai a farfasa ta: aikatau ƙi-karɓau, aikatau so-karɓau, aikatau a umarni, kowanne da lambarsa. In lamba biyu ce, wadda ke da asalin bayani ita ce a gaba.

Akwai wata matsala da ta shafe mu 'yan zango musamman. Da yawa daga cikinmu ba ma bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ a furuci kamar yadda Bakano yake yi. A zaune lafiya lau na san ƙirar kalma da ƙ take, amma mai gaggawa bakinsa yake bi. Ƙamusoshin Hausa ma ba su bi hanya ɗaya ba, wasu sun gwama masu lanƙwasa da marasa lanƙwasa, wasu sun ware su. Ni na gwama su: karɓau, karin sauti, ƙi-karɓau, ƙirar kalma, korewa, duk a jeri ɗaya, kamar lanƙwasar ba ta nan, amma ina rubuta kowace kalma da harafinta na daidai. Haka sh tana cikin s, ts tana cikin t. Ba wai wannan ne tsari mafi inganci a ilimance ba. Amfaninsa shi ne wuri ɗaya kawai zan duba. In kuwa a kwamfuta ka buga, ka duba bayan z bayan ta jera maka, domin wasu manhajoji can suke jefa kalmomin da suka fara da ɓ da ɗ da ƙ.

Haka zancen jinsi. Hausarmu ta Gana ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, har za ka ji an yi amfani da ya inda daidaitacciyar Hausa take bukatar ta. Saboda haka na san tun farko cewa nan ne zan fi yawan leƙe. Ka'idar ita ce yawancin sunayen da suka ƙare da -a mata ne, amma gida da ruwa da nama da suna maza ne. Sai na tattara irin waɗannan a shafi na 33, na ba su shigarwa mai cewa "-a amma namiji". Fihirisar kowa ya kamata ta fi kauri a inda mai ita ya fi rauni. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa fihirisar aro ba ta aiki: ƙofofin da ke cikinta na kan wani ne. In kuma akwai yiwuwar tambayoyi su zo da Turanci, kamar yadda yake a yawancin makarantunmu, to, sunan Turanci na kowane babban batu ya samu layinsa, da lambar shafi a gabansa kai tsaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin jarrabawa, nakan ba wani abokin karatu tambayoyi 20 da agogo. Ya karanta tambaya, in nemo, in ɗora yatsa, ya tsayar da agogo. Rabon mintin a wurina haka yake: daƙiƙa 10 na zaɓen kalma, 15 na samun ta a fihirisa, 10 na kama kunne da juya shafi, 25 na gano layin. Duk tambayar da ta wuce minti ɗaya, mukan rubuta inda na maƙale, domin kowane wuri da maganinsa. In na duba fihirisa ban ga kalmar ba, ƙofa ce ta rasa, sai a ƙara ainihin kalmar da na fara nema. Shi ya sa nake barin ɗan fili a ƙarshen kowane harafi. In na isa shafin ban ga abin ba, ko lambar ta karkace, ko an saka sabon falle ba a ba shi lamba ba. In kuwa shafin daidai ne amma idona yana ta yawo, to, ba a ja layi ba, ko an ja da yawa. Wani abokina ya gwada tasa, 13 cikin 20 suka shiga minti a karon farko, kuma biyar daga bakwai ɗin da suka wuce rashin ƙofa ne. Da ya ƙara layuka, ya sake gwadawa da sababbin tambayoyi, sai ya samu 18. A lura, da sababbin tambayoyi. In ka maimaita tsofaffin, hannunka ne ya haddace hanya, ba fihirisa ce ta gyaru ba.

Akwai kuma tambayar da ko an ƙara ƙofa goma ba za ta shiga minti ba, kuma ya kamata a gane ta. In na karanta tambaya na kasa zaɓen kalmar da zan nema, to, ba laifin fihirisa ba ne, batun ne ban fahimta ba. Wanda bai san cewa sayi da saye aikatau ɗaya ne ba, ba zai ga dangantakarsu da saci da sace ba, balle ya nemi layin. Maganin wannan komawa karatu ne. Haka kuma tambayar da ta ce ka yi sharhi ko ka kwatanta ra'ayi biyu, fihirisa za ta kawo maka hujja da misali, amma ginin amsar naka ne.

A ranar jarrabawa, fallen fihirisa yana liƙe a cikin bangon gaba, ta yadda zai buɗu ya leƙo gefe, in riƙa ganinsa ko da takardun suna buɗe a tsakiya. Minti 10 na farko na karanta tambayoyi ne, kuma a nan nake yin duk neman da ke cikin fihirisa gaba ɗaya: a gefen kowace tambaya in rubuta lambobinta da fensir, misali 47s, 18s, 52t. Daga nan sai rubutu. Abin da na sani in rubuta shi daga kai, in bar leƙe don tabbatar da misali ko karin sauti. In minti ya cika ban samu abu ba, in bar masa layi uku in wuce, in dawo a ƙarshe in lokaci ya rage.

Duk aikin, daga sa lamba zuwa gwaji na biyu, yakan ci mini yamma huɗu: ɗaya na lamba da kunnuwa, biyu na fihirisa, ɗaya na gwaji da gyara. Wanda jarrabawarsa ta rage mako biyu, yau ya kamata ya sa wa shafukansa lamba. Allah Ya ba da sa'a.